Hannun tostata ya ƙi zama ƙasa, kuma gefe ɗaya na burodin ba ya gasuwa

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin kayan lantarki ku taimaka mini. Tostata mai rami biyu ce, irin wadda ake danna hannu ƙasa, idan burodi ya gasu ta cillo shi sama. Kwana uku ke nan idan na danna hannun sai ya biyo yatsana ya dawo sama, ko daƙiƙa ɗaya ba ya yi a ƙasa. Kafin ta ƙi gaba ɗaya, ta yi kusan wata guda sai na danna sau uku ko huɗu kafin ya kama, kuma in ya kama ana jin wani ɗan ƙara zzz daga ciki. Sannan tun da daɗewa yankan da ke ramin hagu gefensa na waje fari yake fitowa, na ciki kuma har ya so ƙonewa. Ban sani ba ko ciwo ɗaya ne ko biyu. A ƙasanta an rubuta wat 850. Ina son ta, ba na son in yar da ita a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Auwalu: Wa alaikumus salam. Maganaɗisun cikinta ne ya gaji, Hajiya. Zafi yana cinye ƙarfin maganaɗisu. Ki samo wani a tsohuwar sifika a liƙa mata, shi ke nan.

Malam Sani: Wa alaikumus salam Maman Ilham. Auwalu ya nuna wajen da ya dace, amma kada ki bi maganin da ya bayar. Gaskiya ne maganaɗisu ne ke riƙe hannun, sai dai ba irin na sifika ba ne mai kama ƙarfe dare da rana. Wannan siririyar wayar tagulla ce aka naɗe a jikin ɗan ƙarfe, ba ya kama komai sai wuta na bi ta cikinsa. Da gangan aka yi shi haka. Idan lokacin gashi ya cika, taima ta yanke masa wuta, ya saki, sifirin ya ja burodin sama, kuma wannan tashin ne ke kashe elimen ɗin, wato wayar da ke yin ja tana gasa burodin. In aka saka na sifika ba zai taɓa saki ba, tostar za ta yi ta ci har burodin ya kama da wuta.

Shi ya sa ma ko sabuwar tosta ce, in ba a jona ta ba hannun ba zai zauna ba. To tambayata ta farko, ki yi haƙuri da ita: kin gwada ta a wani soket? In kin gwada, ga abin da nake so ki yi. Ki jona ta babu burodi a ciki, ki rage hasken ɗakin, ki danna hannun har ƙarshe ki riƙe shi da yatsa kamar daƙiƙa 20, ki leƙa ramukan daga sama ba tare da kin kai fuska kusa ba. Faifai uku ne a ciki da aka naɗe wayar elimen a kansu: na hagu, na tsakiya, na dama. Ki faɗa mini wanne ya yi ja, wanne bai yi ba.

Hajiya Rabi: Ni ma haka tawa ta yi, ɗan maƙallin da ke riƙe murfin ne ya karye, in na rufe sai ya buɗe. Da zare nake ɗaure hannun yanzu kuma tana gasa mini lafiya lau.

Zulai: Hajiya, ina jin taki irin mai murfi ce da ake kifawa a kan burodin. Ta Maman Ilham mai rami ce ta tsaye. Ba ɗaya ba ne.

Hajiya Rabi: Af, haka ne kuwa 'yata. Tawa mai murfi ce. To amma ai ita ma sai ta sa roba ta ɗaure hannun ƙasa, in ya gasu ta kwance.

Malam Sani: A'a Hajiya, ina roƙon arziki kada kowa ya yi wannan. Taki tana da abin da ke yanke wuta da kansa idan zafi ya kai, ɗaure murfin ba ya hana shi aiki. Ta tsaye kuwa makunninta a jikin hannun yake. Muddin hannun na ƙasa, wuta na ci, ko taima ta gama lissafinta ko ba ta gama ba. Yaro ya yi kuka ki juya baya minti uku, sai ki dawo ki tarar da harshen wuta yana lasar kabad. Na ga irin wannan da idona, gaban kabad ɗin duk ya yi baƙi ya kumbura.

Maman Ilham: Malam na gwada. Soket biyu na canza, duk ɗaya. Da na riƙe hannun, duka ukun sun yi ja, zafi ma ya taso sosai. Ina sakin yatsana ya yi sama. Wannan ƙaran zzz ɗin yana nan ƙasa-ƙasa lokacin da nake riƙe da shi.

Malam Sani: Madalla, kin rage mana rabin aiki. Tunda sun yi ja, filogi da fiyus da waya lafiyarsu ƙalau, makunnin yana haɗuwa, elimen bai tsinke ba. Ƙaran da kike ji kuma yana gaya mana wuta tana isa maganaɗisun, yana ƙoƙarin kamawa, ƙarfinsa ne bai kai ya rinjayi sifirin ba. Da shiru kika ji, da wani zancen za mu yi.

Abu biyu ne ke kawo haka galibi. Na farko datti. A jikin abin da ke sauka da burodin akwai ɗan lebur ɗin ƙarfe, bai fi faɗin farcen babban yatsa ba, shi ne ke sauka ya manne a fuskar maganaɗisun. Dole su haɗu ƙarfe da ƙarfe, babu komai a tsakani. Irin wannan maganaɗisun yana da ƙarfi ne kawai in an manne masa, da zarar an sami tazara ko ta kaurin takarda ce, ƙarfin ya zube. Ɓurɓushin burodi guda ɗaya da ya bushe a wajen ya isa. Na biyun zan faɗa in na farkon bai yi ba, kada in cika ki da magana.

Ki zare filogi daga bango, ba kashe soket kawai ba, ki bar ta ta huce. Ki zaro tiren ɓurɓushi ki zubar, ki kifa ta ki girgiza. Kan hannun na roba jan sa ake yi ya fita, wani lokaci da ɗan ƙarfi. Sukurori suna ƙasa, wasu a ɓoye ƙarƙashin robar ƙafafu. Ki ɗaga murfin a hankali, domin a wasu akwai wayoyi da suka haɗa maɓallan jikin murfin da bod ɗin ciki, wato ɗan allon da ke ɗauke da ƙananan kayan lantarki, kada ki fizge su.

Bashir: Malam Sani, kafin ta buɗe, ba ka ganin ƙarancin wuta ne? Tawa in wuta ta yi ƙasa ba ta kamawa, in ta dawo daidai sai ta kama ras. Na auna wata rana na ga bolt 190.

Malam Sani: Yana faruwa Bashir, ba ka yi ƙarya ba. Amma lafiyayyar tosta tana da rarar ƙarfin da za ta kama ko da wuta ta ɗan sauka. In taka tana saki a 190, akwai yiwuwar dama can tana bakin gaɓa, ƙarancin wutar tona mata asiri kawai ya yi. Ita kuma Maman Ilham ta ce abin a hankali ya yi ta ƙaruwa tsawon wata har ya ƙi. Wannan ba halin wutar gida ba ne, halin abin da ke lalacewa a hankali ne.

Maman Ilham: Na buɗe. Subhanallahi, abin da na gani a ciki! Ɓurɓushi har ya yi tudu a gindin hannun, ga wani maiƙo-maiƙo mai danƙo a kan ƙarfen da ka ce. Na share da tsohon burushin haƙori, na goge fuskokin biyu da auduga da sifirit har suka yi sheƙi. Na mayar da murfi na gwada. Yanzu yana kamawa, amma ba kullum ba. Cikin sau biyar ya kama sau biyu, ɗaya daga ciki ma da na ɗan taɓa teburin sai ya saki. Ƙaran kuma ya fi da ƙarfi.

Auwalu: Ai na faɗa, ya gaji.

Baba Idi: Auwalu, ka bar maganar gajiya. Na yi shekaru ina naɗa koyil, wato irin naɗin wayar tagullar da ke cikin maganaɗisun nan, ban taɓa ganin wanda ya gaji ba. Ko ya tsinke, ko ya ƙone ya haɗe da kansa, ko kuma yana lafiya abincinsa ne bai isa ba. Wanda ya ƙone za ki ji warinsa, ki ga robar da aka naɗe shi a kai ta sauya launi. 'Yata, da kika buɗe, lebur ɗin ƙarfen nan yana ɗan motsi a mazauninsa ko a ƙame yake?

Maman Ilham: Yana ɗan rawa Baba. Har na ɗauka shi ne ya kwance, na so in sa masa gam.

Baba Idi: Kul, kada ki sa. Haka aka yi shi, an bar masa ɗan wasa ne don ya daidaita kansa ya kwanta sosai a fuskar maganaɗisun. In kika ƙame shi a karkace, da gefe ɗaya zai riƙa taɓawa, kin ƙara wa kanki ciwo. Abin da za ki duba shi ne ko robar da ke riƙe da shi ta tsage, ko kuma wani abu yana tare hannun kafin ya kai ƙarshe. Filogi a zare, ki danna ki kalla daga gefe, ki ga ko suna haɗuwa babu haske a tsakaninsu.

Malam Sani: Baba ya gama wannan ɓangaren. In suna haɗuwa, to mun zo kan na biyun, wato abincin da Baba ya ambata. Bari in ɗan tsawaita a nan, don wajen nan ne mutane da yawa ke ɓacewa.

Maganaɗisun nan da taima ba sa cin bolt 230. Kusan bolt goma zuwa goma sha biyu suke so. A yawancin tostoci masu sauƙi ba a sa tiransifoma, dabara aka yi: elimen ɗin kansa doguwar waya ce da wuta ke raguwa a tsawonta, sai aka je kusa da ƙarshenta aka ɗauko reshe. Taki wat 850 ce. In kika ninka 230 sau 230 kika raba da 850, za ki sami om 62, juriyar elimen ɗin gaba ɗaya ke nan. In aka ɗauki reshen a inda saura om 3 waya ta ƙare, rabon da ya faɗo a wannan guntun kusan bolt 11 ne. Shi ake kai wa bod ɗin.

To amma wutar gida kai da komowa take yi, sau 50 a daƙiƙa, wasu wurare 60. A bod ɗin akwai dayod da ke barin rabin zuwan kawai ya wuce, don haka abin da ke fitowa guntu-guntu ne, a ba ka, a hana ka. Kafasita ce ke cike giɓin. Kamar randa take, tana tara in an zuba, tana bayarwa in an ɗauke. Irin wannan kafasitar akwai ruwa-ruwa a cikinta, ga ta zaune shekara da shekaru a gefen abin da ke yin ja da zafi. A hankali take bushewa. In ta bushe, maganaɗisun sai ya riƙa kamawa yana saki sau 50 a daƙiƙa. Zzz ɗin da kike ji ke nan, kuma dalilin da ya sa taɓa tebur kawai ya ishe shi ya saki.

Ki duba bod ɗin. Za ki ga wani abu kamar ƙaramin gwangwani a tsaye, baƙi ko shuɗi, da rubutu a jikinsa. Samansa a shafe yake ko ya kumbura? Akwai mita a gidan?

Maman Ilham: Ƙanena yana da ita, zai kawo da yamma. Gwangwanayen biyu ne, babba da ƙarami. Babban samansa ya ɗan tashi kamar an hura, gindinsa kuma akwai wani busasshen abu ruwan ƙasa. An rubuta maikurofarad 220, bolt 25, da digiri 85.

Zulai: Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri na shiga tsakiya. Tawa mai rami huɗu ce, hannu biyu. Ɓangaren dama lafiya lau. Na hagu hannun ba ya zama, kuma in na riƙe shi babu abin da ke yin ja, babu ƙara, shiru kamar ba a jona ba. Ita ma kafasitar ce?

Malam Sani: A'a Zulai, taki akasin tata ce. Mai hannu biyu kamar tosta biyu ce a gida ɗaya, shi ya sa ɗaya ke aiki ɗaya ta mutu. Tunda ba ja ba ƙara, ko makunnin wannan ɓangaren ba ya haɗuwa, ko elimen ya tsinke. A masu bolt 230 galibi faifan a jere aka haɗa su, wutar da ta fita daga wannan ita ke shiga wancan, don haka tsinkewa a wuri ɗaya tana kashe duka. Kuma tunda daga jikin elimen ake ciyar da maganaɗisu, shi ma yakan mutu tare da su. Mutum sai ya yi ta wahala da hannun, alhali ciwon yana can cikin rami. Ki haska tocila, filogi a zare, ki bi wayar layi-layi, musamman wajen ribit da inda take lanƙwasa a bakin faifai. Kin taɓa sa wuƙa ko cokali mai yatsu ki ciro burodin da ya maƙale?

Zulai: Ba zan ɓoye ba Malam, ina yi. Da wuƙa.

Malam Sani: To ina kyautata zaton can za ki same shi. Wayar sirara ce, in ta daɗe tana shan zafi sai ta yi gautsi, faifan maika da aka naɗe ta a kai shi ma ɓarewa yake yi. Kuma wayar tsirara ce, wuta ce a jikinta kai tsaye. Ki zare filogi tukuna, ki sa tsinken katako in ya zama dole.

Bashir: In ta tsinke ai abu ne mai sauƙi, a kama bakin biyu a ɗiga dalma.

Baba Idi: Dalma ba ta zama a nan, Bashir. Wajen digiri 200 take narkewa, waya kuwa ba ta fara yin ja sai ta haura 500. Kunnawar farko za ta zube. Ita wayar ma nikurom ce, haɗin nikel da kuromiyom, dalmar da muka saba ba ta kama ta da kyau. Matse ta ake yi da ɗan bututun ƙarfe, ko a ɗaure da ƙaramin noti. Na sha yi, yana kai wata da watanni, wani har shekara.

Malam Sani: Baba, a nan zan ɗan saɓa maka da girmamawa. Yana yi, ban musa ba, amma ba na ba wanda ba sana'arsa ba shawarar ya yi. Mahaɗar in ba ta matsu sosai ba ita ce za ta fi ko'ina zafi, ta sake tsinkewa a gefenta. In kuma ɗan ƙarfen ya yi nauyi ya sunkuyo ya taɓa wayoyin da ke riƙe burodi, wuta ta hau jikin tostar. Wadda ta tsinke a bakin ribit, inda za a iya ja kaɗan a sake kamawa, wannan na yarda. Ta tsakiyar faifai kuwa, ni a canza faifan gaba ɗaya in ana samu, in ba a samu a haƙura.

Baba Idi: Hannu hannu ne, Sani. Wanda ya iya matsewa ba ta ba shi kunya. Amma na yarda ba aikin koyo ba ne.

Maman Ilham: Ƙanena ya zo da mita. Filogi a zare muka yi komai kamar yadda ka ce. Mun sa bakin mitar a ƙafafun filogi biyu na danna hannun, ta nuna 61. Koyil ɗin ya nuna 140. Lafiya ke nan ko ba lafiya ba? Shi yana cewa mu jona ta a buɗe ya auna bolt ɗin da ke shiga bod.

Malam Sani: Ki ce masa na ce a'a. Kada bolt 11 ɗin nan ya yaudare shi. Tunda daga jikin elimen aka ɗauko, babu abin da ya raba bod ɗin da wutar gida, taɓa shi tana jone kamar taɓa cikin soket ne. Ba ma buƙatar wannan awon.

61 daidai yake da lissafinmu na 62, elimen lafiya. Koyil kuma kowane kamfani da nasa, amma abin da muke tsoro shi ne mita ta nuna a buɗe yake ko ta nuna kusan sifili. 140 ba ɗaya daga ciki. Ga kuma kafasita a kumbure tana yoyo. A canza ta. A nemi maikurofarad 220, bolt 25 ko 35, kada a sauka ƙasa da 25, kuma a nemi mai digiri 105 maimakon 85, ta fi jure zama kusa da zafi. Tana da kai da gindi: gefen da ke da farin layi shi ne ƙafar ragi, ku ɗauki hoto kafin ku cire tsohuwar. In aka juya ta fashewa take yi. Ƙaramar kada ku taɓa ta haka nan, a wasu tostocin ita ce ke cikin lissafin lokaci, in aka sauya girmanta lambobin maɓallin gashi za su rikice. Tunda kun kunna abin dalma, ku duba ƙafafun koyil ɗin a bayan bod, duk danna hannu bugu ne a kansu, dalmarsu takan yi zobe ta tsage.

Auwalu: To in an canza bai yi ba fa?

Malam Sani: Sai mu duba maɓallin tsayarwa ko ya maƙale a danne, don shi aikinsa ke nan, ya yanke wa maganaɗisu wuta. Bayan shi tiranzistar da ke kunna koyil. Amma waɗannan shiru suke kawowa, ba ƙara ba.

Maman Ilham: Alhamdulillah! Jiya aka samo kafasitar, ƙanena ya saka. Dannawa ɗaya ya kama ƙam, ba ƙara ko kaɗan, har bubbuga teburin na yi bai saki ba. Lokaci na cika ta cillo. Allah Ya saka da alheri Malam, Baba na gode. Amma fa gefen hagun nan yana nan yadda yake, fari fat, na ciki kuma ya yi duhu.

Bashir: Wannan kam elimen ɗin hagu ne ya yi sanyi. Ya tsufa, ba ya jan wuta kamar sauran.

Malam Sani: Amin, mun gode Allah. Dama ban sa rai kafasita ta gyara wannan ba, ciwo biyu ne. Bashir, ka tuna a jere suke. Wutar da ta bi ta tsakiya ita ce dai ta bi ta hagu, babu wanda zai ja kaɗan wani ya ja da yawa. Waya kuma in ta tsufa ta sirance a wani wuri, wajen ƙara haske yake yi, ba dushewa ba. In ka ga ɗigo ɗaya ya fi ko'ina haske, can za ta tsinke nan gaba. Abin da ke sa wani yanki na faifai ya yi duhu shi ne waya ta saki ta taɓa layin da ke kusa da ita, wuta ta yanke hanya ta tsallake abin da ke tsakani. A tosta da aka haɗa faifanta kowanne da hanyarsa, can ne ɗaya zai iya mutuwa sauran su ci gaba, amma ita ta ga ukun sun yi ja.

Abin da na fi zargi shi ne tazara. Gashin tosta hasken zafi ne ke dukan fuskar burodi, in yanka ya jingina gefe ɗaya, wancan gefen ya sha, ɗayan ya rasa. Kin ce na waje fari, na ciki ya so ƙonewa. Da faifan hagu ne kawai ya yi rauni, na ciki ai daidai zai fito, ba zai ƙone ba. Akwai wasu siraran wayoyi a cikin ramin da ke matsowa su riƙe burodi a tsakiya idan hannu ya sauka. Filogi a zare, ki danna ki leƙa: na ramin hagu suna matsowa daga gefe biyu kamar na dama?

Zulai: Ni na ɗauka duk tosta haka take. Ban taɓa ganin wadda gefe biyu suka fito iri ɗaya ba. Kuma in na sa yanka ɗaya kawai ya fi bambanta.

Baba Idi: Akwai gaskiya a maganarki. Faifan tsakiya rami biyu yake yi wa aiki, tsakiyar kuma ta fi riƙe zafi, na gefe yana asarar nasa ta jikin murfi. In rami ɗaya babu komai, zafin da ya kamata wancan yankan ya sha yana nan yana yawo. Burodin ma da nasa: fuskar da ta sha iska ta bushe ta fi saurin yin ja a kan wadda aka yanka yanzu. Zagaye na biyu kuma ba ya zama kamar na farko tunda ciki ya riga ya yi zafi. Amma fari fat da ƙonewa ya wuce wannan.

Maman Ilham: Na leƙa. Na ramin hagu, wanda ke gefen ciki ba ya motsi, wani ɗan siririn sifirin da ke jan sa ya zame daga ƙugiyarsa, ga shi yana lilo. Na waje shi kaɗai ke turawa, ashe shi ke kwantar da burodin a jikin na tsakiya. Na mayar da shi da ɗan filaya. Na yanka biyu daga burodi ɗaya, kauri ɗaya, na gutsure kusurwar kowanne don in gane gefen da ya kalli waje. An sami sauƙi sosai, na ciki ya daina ƙonewa. Amma har yanzu gefen waje na hagu bai kai gefen waje na dama ja ba, musamman daga sama.

Malam Sani: Gwajin nan da kika yi da gutsure kusurwa ya yi kyau. Saura ki sake leƙawa a duhu, wannan karon ki kwatanta faifan hagu da na dama layi da layi, ki ƙirga layukan da suka yi ja a kowanne. In na hagu ya gaza da ɗaya ko biyu daga sama, waya ce ta taɓa 'yar'uwarta. Layi ɗaya ko biyu ba lallai su fito a awon da kuka yi ba, tsakanin 61 da 62 mitar gida ba ta da wannan tabbacin.

Bashir: Ni dai har yanzu ina ganin a goge bakin makunnin da samfefa. Tawa da na goge ta ƙara zafi.

Malam Sani: Makunni mai datti duka ukun zai rage wa wuta, ba zai zaɓi na hagu ba. In bakinsa ya yi baƙi a goge, da laushi, kada a lanƙwasa ƙarfen. Amma ba zai taɓa wannan ba.

Baba Idi: Ni kuma ina zargin ƙarfen da ke bayan faifan hagu. In hayaƙi da maiƙo sun dusashe shi, ko faifan ya ɗan bankare baya daga sama, hakan za ki gani ko da duk layukan suna ci.

Maman Ilham: Na ƙirga da daddare. Tara a hagu, tara a dama, sai dai na saman hagu biyu jansu bai kai sauran ba, kamar sun fi kwanciya a jikin faifan. Ban ga inda suka taɓa juna ba. Baba, bankarewar nan da ido ake gane ta ko sai na sake cire murfi?

Baba Idi: Sai kin cire. Ki sa rula a tsaye a bakin ramin, ki auna daga faifai zuwa wayoyin riƙon burodi, sama da ƙasa, hagu da dama. Ki kawo mana lambobin huɗu.

Zulai: Malam Sani, na haska tawa. Na ga inda ta tsinke, a faifan tsakiya ne, layi na uku daga sama, daidai inda wuƙata ke shiga. Bakin wayar ɗaya ya lanƙwaso yana kusa da ƙarfen riƙon burodi. In ci gaba da amfani da ɓangaren dama kafin in sami faifan?

Malam Sani: A'a Zulai, ki zare ta ki ajiye. Wannan bakin da ya lanƙwaso, duk wanda ya manta ya danna hannun hagu ya sa masa wuta. Ki turo hoton faifan da lambar da ke ƙasan tostar, mu ga ko irinsa yana samuwa.